Idan Mai Waya Ya Ce A'a: Yadda Ake Neman Izini a Manhajar Android

Kafin shekarar 2015, mai wayar Android yana ganin jerin izinin da manhaja take so ne tun wajen sauke ta. Ko ya amince da duka, ko ya haƙura da manhajar. Da Android 6.0 ya fito sai tsarin ya sauya. Duk izinin da ya taɓa sirrin mutum, irin su kyamara da makirfo da lambobin da ke cikin wayarsa da wurin da yake, dole manhaja ta roƙa a lokacin da take aiki. Shi kuma yana da ikon ya ƙi, ko ya bayar yau ya janye gobe.

Shekaru sun ja, amma har yanzu manhajoji da yawa ana gina su kamar kowa zai ce e. Ka buɗe manhaja karon farko, tambayoyi huɗu su biyo juna, ka ƙi guda ɗaya, sai ta tsaya cak a farin shafi ko ta rufe kanta. Shawarata ga mai gina manhaja guda ɗaya ce, sauran bayanin duk a kanta zai tafi: ka fara tsara shafin da wanda ya ƙi zai gani, sannan ka rubuta kod ɗin roƙon. Ƙin ba da izini amsa ce da tsarin ya halatta wa mutum, kuma kaso mai yawa na masu amfani da manhajarka ita za su ba ka.

Domin maganar ta zauna, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kana gina manhajar sayen abinci a Kano. Mutum ya zaɓi abin da yake so, ya faɗi inda za a kai masa, ɗan aike ya ɗauko a babur ya kawo.

Fara da rage abin da za ka roƙa

A zaman farko da masu aikin, jerin izinin da za a kawo maka zai yi tsawo. Za a ce ana son wurin da mai saye yake domin adireshi, ana son kyamara da hotuna domin ya turo hoton ƙofar gidansa, ana son izinin kira domin ya kira ɗan aike, ana son karanta saƙonni domin lambar tantancewa, ana son sanarwa. Ka zauna da jerin nan ka tambayi kowanne: shin Android bai tanadi hanyar yin wannan aikin ba tare da izini ba?

Kiran ɗan aike ba ya buƙatar `CALL_PHONE`. Idan ka yi amfani da `Intent.ACTION_DIAL`, manhajar kira ta wayar za ta buɗe da lambar a rubuce, mutum ya danna da hannunsa. Hoton ƙofar gida ma haka. `PickVisualMedia` yana buɗe masa wurin zaɓar hoto, ya miƙo maka guda ɗaya, ba ka ga sauran ba. Idan sabon hoto zai ɗauka, `TakePicture` yana tura shi manhajar kyamara ta wayar ta dawo maka da hoton. Lambar tantancewa kuwa akwai SMS Retriever API, wanda yake miƙo maka saƙon da aka aiko wa manhajarka kaɗai.

Akwai tarko ɗaya a nan da yake kama mutane. Tura mutum kyamarar waya ba ya buƙatar izini muddin manhajarka ba ta ambaci `CAMERA` a `AndroidManifest.xml` ba. Idan ta ambata kuma ba a ba ta ba, wannan turawar ce za ta jawo `SecurityException`. Sau da yawa ba kai ka rubuta layin ba, wani kod na wasu da ka jingina da shi ne ya shigo da shi. Ka buɗe fayil ɗin a Android Studio, ka danna Merged Manifest a ƙasa, ka karanta abin da manhajar take nema a zahiri bayan an haɗa komai.

Bayan wannan tankaɗen, izini biyu ne suka rage: wuri da sanarwa. Ragewar tana da wani amfani a wajenmu. Mutane da yawa a Najeriya sun ga yadda wasu manhajojin ba da rance suka kwashi lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, suka riƙa aika wa 'yan'uwansa da abokansa saƙon tozarci, har Google ya hana irin waɗannan manhajoji neman lambobin waya da hotuna a shekarar 2023. Wanda ya ga haka yana da dalilin yin tsaye idan manhajar sayen shinkafa ta nemi lambobin wayarsa, kuma zargin zai shafi sauran abin da za ta roƙa.

Sau biyu kawai za ka iya tambaya

Akwatin tambayar da yake fitowa na Android ne. Ba za ka iya sauya kalmominsa ba, ba za ka iya ƙara masa dalilinka ba, kuma ba kullum zai yarda ya fito ba. A Android 6 zuwa 10, mutum ne yake zaɓa da kansa kada a sake tambayarsa. Daga Android 11, wanda ya fito a 2020, tsarin ne yake ƙirgawa. Idan mutum ya ƙi izini ɗaya sau biyu, akwatin ba zai ƙara fitowa ba. Manhajarka za ta roƙa, amsar ƙi ta dawo nan take, shi kuwa mai wayar bai ga komai ba.

To ka duba abin da manhajar da take roƙo tun buɗewar farko take yi wa kanta. Mutum ya sauke ta, bai ga ko kwanon abinci ɗaya ba, an ce ya faɗi inda yake. Ya ƙi. Washegari ya sake buɗewa, tambayar ta sake fitowa, ya sake ƙi. Shi ke nan. Ranar da zai sayi abinci da gaske, ranar da zai so a cike masa adireshi da kansa, hanya ta riga ta toshe, sai ya shiga saitunan waya ya buɗe da hannu, abin da mutane ƙalilan ne za su yi. Baƙon da ya nemi a nuna masa ɗakin kwana tun bai gama sallama ba, ba a ƙara buɗe masa ƙofa.

Saboda haka lokacin roƙo shi ne lokacin da mutum ya danna abin da yake buƙatar izinin. A manhajarmu, wannan yana shafin adireshi. Mai saye ta zaɓi abincinta, ta ga kuɗin, ta zo wurin faɗin inda za a kai. A nan za ta ga abu biyu a jere: madanni mai cewa “Yi amfani da wurin da nake”, da kuma gurbin rubuta adireshi da hannu. Idan ta danna madannin, ita ce ta nema, kuma tambayar da za ta biyo baya ba ta buƙatar dogon bayani.

Izinin sanarwa ma haka. Daga Android 13, na shekarar 2022, sabuwar manhaja ba ta iya aiko da sanarwa sai an ba ta `POST_NOTIFICATIONS`. Kada ka haɗa shi da na wuri. Ka bari sai an gama ciniki, shafin jiran kaya ya buɗe, sannan ka nuna layi ɗaya: “Kina so mu sanar da ke idan ɗan aike ya taso?” A wannan lokacin amfanin sanarwar a fili yake.

Yadda kod ɗin yake tafiya

Da farko ka ambaci izinin wuri a `AndroidManifest.xml`, dukansu biyu: `ACCESS_FINE_LOCATION` da `ACCESS_COARSE_LOCATION`. Izinin da ba a ambata ba, in ka roƙe shi, ƙi ne zai dawo ba tare da akwati ya fito ba, kuma wannan shi ne abu na farko da za ka duba idan tambaya ta ƙi fitowa a sabuwar waya.

Sai ka yi rajistar mai karɓar amsa:

```kotlin
private val nemiWuri = registerForActivityResult(
    ActivityResultContracts.RequestMultiplePermissions()
) { amsa ->
    when {
        amsa[ACCESS_FINE_LOCATION] == true -> cikeAdireshi()
        amsa[ACCESS_COARSE_LOCATION] == true -> nunaUnguwa()
        else -> nunaGurbinRubutu()
    }
}
```

Wannan rajistar a saman aji ake yin ta, ko a cikin `onCreate`. Idan ka saka ta a cikin kod ɗin da yake gudana bayan an danna madanni, shafin ya riga ya tashi, manhajar za ta faɗi da `IllegalStateException`. Abin da yake shiga ƙarƙashin madanni shi ne wannan:

```kotlin
fun anDannaWuri() {
    when {
        akwaiIzini() -> karantaWuri()
        shouldShowRequestPermissionRationale(ACCESS_FINE_LOCATION) ->
            nunaBayani()
        else -> nemiWuri.launch(
            arrayOf(ACCESS_FINE_LOCATION, ACCESS_COARSE_LOCATION)
        )
    }
}
```

Reshe uku ne. Na farko yana tambayar `ContextCompat.checkSelfPermission` ko akwai izini a yanzu, in akwai a wuce aiki. Na biyu shi ne Android yake gaya maka cewa mutumin nan ya taɓa ƙi sau ɗaya, tambaya ɗaya ta rage maka, kada ka kashe ta ba tare da bayani ba. Na uku shi ne roƙon kai tsaye.

Bayanin da za ka nuna a reshe na biyu naka ne, kai ka zana shi, kuma ba ya cin komai daga tambayoyi biyun da tsarin ya ba ka. Ka sa shi ya faɗi abu uku a taƙaice: me za a ɗauka, me za a yi da shi, me mutum zai samu. Misali: “Za mu karanta wurin da kike sau ɗaya domin mu cike adireshin kai kaya. Ɗan aike kaɗai zai gani.” A ƙasa madanni biyu masu girma ɗaya, “Ci gaba” da “Zan rubuta da kaina”. Idan ta danna na biyu, kada ka kira `launch`. Ka kai ta gurbin rubutu, tambayarka ta ƙarshe tana nan a ajiye har ranar da za ta so. Kuma abin da ka rubuta ya zama gaskiya. Idan wurin zai tafi ga wani kamfanin talla, ba ka da ikon cewa ɗan aike kaɗai zai gani.

Amsar ba e da a'a ba ce kawai

A izinin wuri, akwatin Android 12 da na bayansa yana ɗauke da tambaya biyu a haɗe. A sama mutum zai zaɓi Precise ko Approximate. A ƙasa zai zaɓi While using the app, ko Only this time, ko Don't allow. Wannan ne ya sa ake roƙon izinin biyu tare. Manhajar da aka gina don Android 12 ta roƙi `ACCESS_FINE_LOCATION` shi kaɗai, wasu wayoyin watsi suke yi da roƙon.

Bambancin biyun babba ne ga mai kai kaya. Precise yakan nuna wuri cikin kimanin mita 50, wani lokaci ma 'yan mitoci. Approximate kuwa yanki yake bayarwa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 3. A Kano wannan ya isa ka gane cewa mai saye tana wajen Hotoro ne ba Kabuga ba, amma bai isa ɗan aike ya sami layi ba, balle gida.

Kuskuren da ake yi iri biyu ne. Wasu suna ɗaukar Approximate kamar ƙi ne, su nuna saƙon “ba a ba da izini ba” ga mutumin da yanzu ya bayar. Wasu kuma suna ɗaukarsa kamar cikakken wuri, su dasa alama a taswira, ɗan aike ya je wata unguwa yana ta kiran waya. Abin da ya dace shi ne ka yi aiki da abin da aka ba ka gwargwadon ƙarfinsa. Ka buɗe taswira a kan yankin, ka lissafa kuɗin kai kaya na wucin gadi, ka ce mata ta ja alamar zuwa ƙofar gidanta ko ta rubuta kwatance. Idan kana son ka nemi ƙari, ka sa ƙaramin layi mai cewa “Cike adireshi daidai”, wanda idan ta danna za ka sake roƙon izinin biyu, Android ya tambaye ta ko za ta ɗaga zuwa Precise.

Akwai kuma halin da izini yana nan amma wurin ba ya zuwa, domin mai wayar ya kashe Location gaba ɗaya daga saman allo, sau da yawa don tattalin caji. Wannan matsala daban ce, maganinta ma daban. Ka duba da `LocationManagerCompat.isLocationEnabled`. Idan a kashe yake, ka ce masa ya kunna. Tura shi shafin izini a wannan halin ruɗa shi kawai zai yi, domin zai tarar izinin a buɗe.

Izinin bibiyar wuri bayan an fita daga manhaja, wato `ACCESS_BACKGROUND_LOCATION`, manhajar mai saye ba ta da abin yi da shi. Kada ka ambace shi ma.

Shafin wanda ya ƙi

Nan ne ainihin aikin. Mai saye ta danna Don't allow, akwatin ya ɓace. Me take gani?

Ya kamata ta ga shafin adireshin da take kai, abincin da ta zaɓa yana nan a kwando, gurbin rubutu a buɗe, madannan rubutu sun taso. Kada a fito mata da jan rubutu ko alamar gargaɗi, kada a ce mata ta yi kuskure, kada kuma wani akwati ya biyo baya yana tambayar ko ta tabbata. Ta riga ta amsa. Layi ɗaya ya isa: “To, rubuta inda za a kawo miki.”

Gurbin rubutun kuma a gina shi da gaske, yadda zai iya kai kaya shi kaɗai. A garuruwanmu adireshi yawanci kwatance ne. Ka ba da jerin unguwanni a zaɓa, sannan gurbin layi ko titi, sannan babban gurbi na kwatance inda mutum zai rubuta “bayan masallacin Juma'a, gida mai shuɗiyar ƙofa”, sannan lambar wayar da za a kira. Ka ƙara taswira da za a iya ja da yatsa, wadda take buɗewa a tsakiyar unguwar da aka zaɓa, domin nuna taswira ba ya buƙatar izinin wuri. Ka ajiye adireshin, ta sa masa suna “Gida” ko “Shago”. Ciniki na gaba dannawa ɗaya ce, kuma ba za ta sake buƙatar izinin ba sam.

Idan ka gina wannan da kyau za ka lura cewa yana yi wa wasu mutane aiki ma. Wanda ya ba da izini amma yana ofis yana sayen abincin da za a kai wa mahaifiyarsa a gida, wannan gurbin yake buƙata. Haka wanda yake cikin gini inda wayar ta kasa gano wurinsa.

Ƙa'idar ita ce ƙin izini ɗaya ya rufe abu ɗaya. Wadda ta hana wuri ta rasa cike adireshi kai tsaye, amma jerin abinci da biyan kuɗi da tarihin ciniki duk suna aiki. Wanda ya hana sanarwa zai ga halin kayansa idan ya buɗe manhajar, ɗan aike kuma zai kira shi idan ya iso. Sai ka rubuta masa hakan a shafin jira, don kada ya zauna yana sauraron ƙarar da ba za ta zo ba.

Akwai manhajojin da aikinsu duka a kan izini ɗaya ya tsaya. Manhajar ɗan aiken kansa, wadda take nuna masa hanya, ba ta da amfani ba tare da wuri ba. Ko a nan ba a rufe manhaja a fuskar mutum. Ana nuna cikakken shafi da yake faɗin abin da ya tsaya da dalilin tsayawarsa, da madannin gyarawa, sannan a bar shi ya iya duba kuɗin da ya tara ko ya fita daga asusunsa.

Idan akwatin ya daina fitowa

Alamar wannan halin ita ce mutum ya danna “Yi amfani da wurin da nake”, babu abin da ya faru. Zai ɗauka manhajar ta lalace. Dole shafin ya ce wani abu.

Wahalar ita ce Android ba shi da kira guda da zai gaya maka cewa an rufe tambaya gaba ɗaya. `shouldShowRequestPermissionRationale` yana dawo da `false` kafin a taɓa tambaya, ya dawo da `true` bayan ƙi na farko, ya koma `false` bayan an rufe. Farko da ƙarshe kamarsu ɗaya. Ƙari a kan haka, idan mutum ya danna madannin komawa baya ya kore akwatin ba tare da ya zaɓi komai ba, amsar da za ta zo maka ƙi ce, alhali tsarin bai ƙirga masa ƙi ba.

Wasu suna ajiye alama a cikin manhajar cewa an taɓa tambaya, su gina hukunci a kanta. Alamar tana tsufa, domin mutum yana iya sauya izini a saituna ba ka sani ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka yi hukunci bayan amsa ta dawo. Idan an ƙi, kuma a wannan lokacin `shouldShowRequestPermissionRationale` ya ce `false`, ka nuna gurbin rubutu kamar kullum, ka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinsa: “Izinin wuri a rufe yake. Za ki iya buɗe shi a saituna.” Ko tambayar ta rufe da gaske, ko korar akwatin kawai ta yi, layin gaskiya ya faɗa, kuma bai tare mata hanya ba. Idan ta danna shi:

```kotlin
startActivity(
    Intent(
        Settings.ACTION_APPLICATION_DETAILS_SETTINGS,
        Uri.fromParts("package", packageName, null)
    )
)
```

Wannan yana kai ta shafin manhajarka ne a saituna, ba kan izinin kansa ba. Saboda haka ka gaya mata tun kafin ta tafi cewa za ta danna Permissions, sannan Location. Kada ka taɓa jefa mutum cikin saituna ba tare da ya danna da kansa ba. Idan ta dawo, babu amsar da za ta zo maka ta `nemiWuri`. A `onResume` za ka sake duba izinin, in ya buɗe ka cike adireshin nan take, in bai buɗe ba ka bar shafin yadda yake, ba tare da ƙorafi ba.

Izini ba ya dawwama

Kada ka rubuta a wani wuri cewa an ba ka izini ka ci gaba da dogara da rubutun. Wanda ya zaɓi Only this time, izininsa yana ƙarewa jim kaɗan bayan ya bar manhajar. Wanda ya yi watanni bai buɗe ta ba, Android yana janye izinin da kansa, tsarin da ya fara a Android 11. Kowa kuma yana iya shiga saituna ya kashe. Shi ya sa reshen farko na kod ɗin can yake duba izini a kowace dannawa.

Janyewa daga saituna tana da wani sakamako da ba a cika shirya masa ba. Idan mutum ya janye izini, ko ya sauke shi daga Precise zuwa Approximate, Android yana kashe manhajar da take jira a baya. Idan ya dawo, tsarin zai sake gina shafin da ya bari, amma duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ya tafi. Kwandon abincin da ba ka ajiye ba zai dawo fanko, adireshin da ta fara rubutawa ya goge, ko shafin ya faɗi domin yana neman bayanin da shafin farko ya kamata ya ɗora. Ka ajiye kwando a ma'ajiyar waya, rubutun da ake cikin yi kuma a `SavedStateHandle`.

Idan kana gina ta iPhone ma, tsarin ya fi haka tsauri. Sau ɗaya akwatin yake fitowa idan an ƙi, kuma dalilin da za a nuna a cikinsa kai kake rubutawa a `Info.plist`. Shafin wanda ya ƙi da ka tsara zai yi aiki a can ba tare da sauyi ba.

Gwajin da za ka yi kafin ka saki manhaja

Mai gina manhaja yakan danna amincewa sau ɗaya a wayarsa, ya yi watanni bai sake ganin akwatin ba. Hanyar ƙi ba ta samun gwaji sai a hannun jama'a. Ba sai ka goge manhajar ka sake sakawa a kowane zagaye ba. Waɗannan umarnin suna janye izini, su share ƙirgen ƙi, su nuna maka halin da ake ciki:

```
adb shell pm revoke com.misali.abinci android.permission.ACCESS_FINE_LOCATION
adb shell pm clear-permission-flags com.misali.abinci android.permission.ACCESS_FINE_LOCATION user-set user-fixed
adb shell dumpsys package com.misali.abinci
```

Ka maimaita na farko da na biyu ga `ACCESS_COARSE_LOCATION`. A sakamakon na uku, `USER_SET` a kan izinin da ba a bayar ba yana nufin an ƙi sau ɗaya, `USER_FIXED` kuma yana nufin tambaya ta rufe.

Sai ka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙi sau ɗaya ka sake dannawa, ka ga ko bayaninka ya fito. Ka ƙi sau biyu ka ga ko layin saituna ya bayyana. Ka kori akwatin da madannin komawa baya. Ka zaɓi Approximate ka duba inda alamar taswira ta sauka. Ka ba da izini amma ka kashe Location. Ka cika kwando, ka shiga saituna ka janye izini, ka dawo ka ga abin da ya rage. Ka yi haka a waya mai Android 10 da mai Android 13 ko sama, domin akwatunansu sun bambanta, kuma a sami ɗaya daga cikin wayoyin da suka fi yawa a hannun masu sayenka, irin su Tecno ko Infinix ko Itel, tunda kamfanoni suna sauya fasalin shafukan saituna.

Gwaji na ƙarshe ba kai za ka yi shi ba. Ka miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ka ce masa ya ƙi duk abin da aka tambaye shi, ya sayi abinci a kai masa gida. Ka tsaya gefe kada ka taimaka. Idan ya kai ga biyan kuɗi, ɗan aike kuma ya karanta adireshin ya gane inda za shi, manhajar ta shirya. Idan ya tsaya a wani shafi yana tambayarka abin da zai danna, wannan shafin za ka gyara kafin ka saki manhajar.